Idan kin yi wa maigida albishir, me yake cewa?

Makon nan zan ɗan ajiye maganar ƙwayoyi da allurai in taɓo wani abu da ya tsaya mini a rai, kodayake za ku ga cewa maganin ma sai da ya biyo mu ciki.

Akwai wata baiwar Allah da take karɓar maganin ciwon suga a wajenmu a nan Agege. Na nemi izininta kafin in kawo labarin, kuma ba zan faɗi abin da zai sa a gane ta ba. A farkon zuwanta, gwajin nan da ake rubutawa HbA1c a takardar asibiti ya nuna 9.4. Wannan gwaji yana nuna matsakaicin yadda sugan mutum ya kasance a cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce, saboda haka ba ya ruɗuwa da abin da aka ci jiya ko shekaranjiya. Ga yawancin manya masu ciwon suga, abin da likitoci ke nema shi ne a sauko da shi ƙasa da 7. Ke nan 9.4 ya yi sama sosai. Matar nan ta ɗaura ɗamara. Ta riƙe metfomin ɗinta safe da yamma, ta bar lemon kwalba, ta rage tuwo da shinkafa, ta daina zuba suga a koko, ta kuma riƙa tattaki bayan sallar Asuba. Bayan wata 6 aka sake gwaji ya nuna 7.1.

Wanda bai taɓa fama da wannan ciwo ba ba zai san girman wannan aiki ba. Ni da na ga takardar sai da na miƙe tsaye na ce mata barka. Ta yi murmushi, ta ninke takardar ta sa a jaka, sannan ta ce: "Malama, ke ce ta farko da ta yi mini barka. Jiya na nuna wa Alhaji, bai ɗaga kai daga wayarsa ba. Ya ce, to madalla, an kawo wuta ne?"

Ta faɗa tana dariya, amma na ga idonta. Sai ta ƙara da abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu. Ta ce ba ta san yadda za ta fassara mutumin nan ba, domin lokacin da sugan ya kayar da ita shi ya ɗauke ta ya kai ta asibiti da tsakar dare, shi ya biya komai, bai taɓa yin mita a kan kuɗin magani ba. To yanzu da sauƙi ya samu, me ya sa abin bai dame shi ba?

Mun saba jin cewa a ranar wuya ake gane masoyi, kuma gaskiya ne. Sai dai ranar wuya tana da tsarinta da kowa ya sani. Idan mace ta kwanta ciwo, miji ya san abin da ya wajaba a kansa: asibiti, magani, sanar da danginta. Addini ya ɗora masa, al'ada ta ɗora masa, surukai suna kallo, maƙwabta suna kallo. Mai ƙauna zai yi, mai gudun abin kunya ma zai yi, kuma daga waje ba lallai ne a bambance su ba. Ranar daɗi kuwa babu wanda zai tuhume shi. Ba a taɓa kai ƙarar miji wajen waliyyi don bai yi murna da takardar gwaji ba. Saboda haka abin da ya fito daga bakinsa a wannan lokaci nasa ne na kansa, babu wanda ya tilasta shi.

Masana halayyar ɗan Adam sun yi nazari a kan wannan. Wata farfesa a Amurka mai suna Shelly Gable, tare da Harry Reis da wasu abokan aikinsu, sun wallafa bincike a shekarar 2004 a kan abin da ke faruwa idan mutum ya kai wa abokin zamansa labari mai daɗi. Sun kasa amsar da ake bayarwa gida huɗu. Bari in auna su da takardar wannan baiwar Allah don a fi ganewa.

Alhaji zai iya ajiye wayar, ya karɓi takardar ya duba, ya ce: "Kai, alhamdu lillahi! Daga nawa ya sauko? Me likita ya ce? Ashe tattakin nan naki ba a banza ba." Wannan ita ce amsar da ta shiga cikin labarin, ta ba mai labarin dama ta sake faɗa, ta sake jin daɗinsa. Zai iya kuma cewa "to madalla" ya ci gaba da abin da yake yi. Kalmar mai kyau ce, amma ta rufe zancen. Zai iya cewa: "7.1 ai har yanzu bai sauka yadda ake so ba. Kuma na san ki, biki ɗaya za a yi ki koma gidan jiya." Wannan ya saurara sarai, amma abin da ya nema shi ne inda zai huda labarin. Na huɗu shi ne wanda zai yi kamar bai ji ba, ko ya karkatar da zancen zuwa kansa: "Ni ma yau na sha wuya a kasuwa, ina abincina?"

Abin da suka gano shi ne, ta farkon ce kaɗai take tafiya tare da ƙarin shaƙuwa da yarda da jin daɗin zama. Sauran ukun duk suna tafiya da akasin haka, har da "to madalla" ɗin nan da muke ganin ba ta da laifi. A shekarar 2006 Gable da wasu abokan aikinta suka sake wani nazarin da masoya 79, wato saurayi da budurwa sau 79. Aka ɗauke su a bidiyo kowa yana ba ɗan'uwansa labarin wani abin daɗi da ya same shi, da kuma wani abin baƙin ciki. Bayan wata 2 aka sake bibiyarsu. Yadda aka karɓi labarin daɗi ya fi nuna lafiyar soyayyar, da ko za ta ɗore ko za a rabu, fiye da yadda aka karɓi labarin damuwa.

Kafin wata ta naɗe jaridar nan ta nufi ɗakin maigida da ita, a dakata. Waɗannan matasan Amurka ne, waɗanda a wajensu ihu da runguma ne alamar murna. Mu kuwa an raine mu da kunya da kawaici. Akwai dattijon da ko ɗansa na fari ne ya zo na ɗaya a makaranta ba zai yaba a gaban mutane ba, alhali zuciyarsa fari ƙal. Akwai mai gudun baki, wanda da ya ji abin alheri zai ce "Masha Allah, a yi shiru da shi", don yana tsoron kada a yi ta yaɗawa. Idan muka ɗauki ma'aunin Amurka yadda yake muka ɗora wa mazajenmu, za mu yi wa da yawa rashin adalci.

Sai dai kuma kada a fake da al'ada a ce mu ba mu san taya murna ba. Wace al'umma ce ta kai mu tsara wannan abu? Mu ne muke cewa "albishirinka", a ce "goro", a tambaya fari ko ja, tun kafin a ji labarin an riga an shirya karɓarsa. Mu ne muke ba ɗan aike tukwici. Mu ne muke tashi takanas mu shiga mota mu je barka. A tarihin Musulunci ma akwai labarin Ka'abu ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, wanda bai fita yaƙin Tabuka ba, aka ƙaurace masa kwana 50, sannan Allah Ya karɓi tubansa. Wanda ya kawo masa albishir, tufafinsa biyu ya tuɓe ya ba shi. Da ya shiga masallaci, Ɗalha ɗan Ubaidullahi ya miƙe da sauri ya tarbe shi, ya yi masa musafaha ya taya shi murna, kuma Ka'abu bai taɓa manta wa Ɗalha wannan ba. Labarin yana cikin Bukhari da Muslim. Abin mamaki shi ne, mutumin da zai ratsa cunkoson Legas ya je wa abokinsa barkar sabuwar mota, shi ne zai kasa ajiye waya na minti 2 don matarsa.

To ta yaya za a bambance mai kawaici da wanda bai damu ba? A ganina ba a ƙarfin murya ake dubawa ba. A duba ko labarin ya shiga. Mai kawaici ba zai yi tsalle ba, amma labarin yana barin alama a tare da shi. Washegari zai iya tambaya: "Yaushe aka ce ki koma gwajin?" Za ki ji ya gaya wa mahaifiyarsa a waya. Za ki ga ya dawo da kifi da ganye maimakon katan ɗin lemo. Wanda bai damu ba kuwa, bayan mako guda idan kika ambaci zancen zai ce: "Wane gwaji?"

Abin da na tambayi baiwar Allah nan ke nan. Na ce, Hajiya, a wane lokaci kika nuna masa takardar? Ta ce da shigowarsa. Alhajin yana harkar kayan gwari ne a kasuwar Mil 12, yana fita kafin gari ya waye, kuma ranar sai bayan Isha'i ya iso gida saboda cunkoso. Wayar da yake dubawa, direban da ya taso da kaya daga Arewa yake nema bai same shi ba. Na sake tambaya, ya san ma'anar 9.4 da 7.1? Ta yi shiru, ta ce anya kuwa. A wajensa lambobi ne kawai a takarda. Ita ce ta san cewa wata 6 na haƙuri da yunwa ne a cikinsu.

Na ce ta sake gwadawa, amma ta canja abu biyu. Ta bari sai ranar da yake gida ya ci ya huta. Sannan kada ta miƙa takarda, ta fara da "albishirinka", ta faɗa masa da bakinta abin da saukar take nufi: cewa idan sugan ya zauna a haka, haɗarin ya taɓa mata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa yana raguwa. Na kuma ce idan ya sake cewa "to madalla", ta faɗa masa kai tsaye ba tare da faɗa ba: "Alhaji, na sha wuya kafin in kai nan, ina so ka taya ni murna." Mata da yawa suna ganin idan sai an roƙa to murnar ba ta da daraja. Ban yarda ba. Abin da mutum ya yi bayan an faɗa masa a fili ya fi nuna halinsa fiye da abin da ya yi a cikin rashin sani.

Yanzu bari in sa rigar aikina, domin akwai abin da ya kamata a kawar kafin a yanke wa mutum hukuncin rashin ƙauna. Akwai rashin lafiya da magunguna da suke dusashe murna. Babbar alamar ciwon damuwa, bayan baƙin ciki, ita ce mutum ya daina jin daɗin abin da a da yake faranta masa. Irin wannan ba labarinki kaɗai ne bai motsa shi ba. Ƙwallon da yake so ya daina kallo, majalisa ya daina zuwa, cinikin da ya yi riba bai sa shi murmushi ba, barcinsa da cin abincinsa sun canja. Idan haka ta ɗauki mako 2 ko fiye, kusan kullum, wannan maganar likita ce. A mazajenmu sau da yawa ciwon yana fitowa ne a matsayin shiru da saurin fushi, ba kuka ba. Raunin aikin maƙoƙo, wato ƙwayar nan ta wuya da ke sarrafa kuzarin jiki, shi ma yana kawo kasala da sanyin jiki da rashin walwala, kuma gwajin jini ne yake gano shi.

Ta ɓangaren magani, wasu daga cikin masu shan magungunan damuwa irin su fuluoksetin da satralin suna cewa baƙin cikin ya ragu amma murnar ma ta ragu, kamar an rage wa komai murya. Amitiriftilin, da ake bayarwa har don ciwon jijiya na masu suga, yana sa barci da nauyin kai, haka ma firiton na mura, haka ma metildofa na hawan jini. Sai kuma abin da ba mu son faɗa: tiramol da kodin. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin tun a shekarar 2018, amma shan bai ƙare ba, kuma mai shan su yakan zama yana zaune da ke amma ba ya tare da ke. Tambayar da za ki yi wa kanki ita ce: da can haka yake, ko canjawa ya yi? Idan canjawa ya yi, yaushe, kuma ya zo daidai da fara wani magani? Idan maganin likita ne, kada a daina shi kwatsam, domin wasunsu tsayar da su lokaci guda yana da nasa wahalar. A koma wajen wanda ya rubuta, a faɗa masa, akwai rage awo akwai canji.

Wanda ba zan nema wa uzuri ba shi ne mai hudawa. Ba ina nufin wanda ya yi murna sannan daga baya ya kawo gyara ba. Idan kin samu aiki a Ikeja kuna zaune a Agege, dole a zauna a yi maganar kuɗin mota da wanda zai ɗauko yara daga makaranta. Miji na gari zai kawo wannan, amma bayan ya ce barka, kuma da niyyar a samo mafita. Mai hudawa kuwa a kullum gyaransa ne yake riga barkarsa, kuma barkar ba ta zuwa. Kin ci jarrabawa, ya ce ai bana kowa ya ci. Kin sayar da atamfofinki duka, ya ce nawa ne ribar ma. An yaba miki a wajen aiki, ya tambaya wane ne ya yaba, namiji ne? Ki lura da abu guda: haka yake yi wa kowa, ko ke kaɗai? Akwai mutanen da Allah Ya yi su da hangen matsala, ko nasu abin daɗin ne sai sun nemo masa aibu. Waɗannan halinsu ne, ana iya yi musu magana su rage. Amma idan yana washe baki da nasarar ƙaninsa da abokinsa, taki ce kaɗai take ɓata masa rai, musamman wadda za ta ba ki kuɗin kanki ko ta ɗaga sunanki, to wannan ba gajiya ba ce ba kuma kawaici ba ne.

Alamar da ta fi tayar mini da hankali ita ce wadda take bayyana a jikin matar da kanta. Idan kin kai matsayin da abin daɗi zai same ki, ki fara lissafin yadda za ki ɓoye masa ko ki rage girmansa don kada ransa ya ɓaci, ko ki ga yayarki da ƙawarki da maƙwabciya duk sun ji kafin shi, to zaman ya daɗe da samun rauni. Wannan ya wuce a gyara lokacin faɗa. Yana buƙatar a zauna da shi, in ya ƙi a sa wani babba da yake jin nauyinsa. Idan kuma abin ya haɗa da tsoro, ko hana ki magani, ko duka, kada ki jira, ki sanar da iyayenki ko waliyyinki.

Maza masu karanta wannan fili, kada ku ce yau ta ku ake yi. Mu ma muna yi. Maigida ya shigo da fara'a ya ce an ƙara masa girma, ko kayan da ya sa rai sun iso lafiya, kafin ya rufe baki an ce: "To alhamdu lillahi, sai a biya kuɗin makarantar yara, ga gas ya ƙare." Ko a gidan da ake da abokiyar zama, tambayar farko ta zama wa ya fara gaya wa. Buƙatun gaskiya ne, amma za su iya jira zuwa gobe. Mutumin da duk albishir ɗinsa yake komawa jerin bashi, watarana zai daina kawo shi gida, ya riƙa kai shi majalisa. Ni kaina na kama kaina ina yi. Maigidana ya taɓa shigowa yana ba ni labarin wani aiki da ya samu, ni kuma idona yana kan lissafin kayan shago, ina ta "uhm, uhm". Sai da ya yi shiru ya tashi na gane abin da na yi. Na bi shi na ce ya faro mini daga farko, ya faro, amma ba da irin muryar da ya shigo da ita ba.

Hajiyar ta dawo karɓar magani bayan wata guda, na tambaye ta yadda aka yi. Ta ce ta same shi ranar Juma'a bayan ya ci abinci, ta yi masa bayani kamar yadda muka yi. Bai ce komai mai yawa ba. Ya karɓi takardar ya daɗe yana kallo, ya ce: "Ashe haka abin yake? Allah Ya ƙara sauƙi." Ta ce a ranta ta so ya fi haka. Amma ta ce tun daga ranar ya daina shigo da lemon kwalba gidan, kuma sau 2 yana tambayarta ranar komawa asibiti. Na rubuta mata ranar a bayan katinta, nan da wata 3, na ce in ya samu sarari ta zo da shi, ya ji sakamakon daga bakin likita.